Fassarar Takardar Lodin Jirgi da Jerin Kaya

"'Yan uwa, wani ejan ya ba ni takardar lodin jirgi da jerin kayan atamfa daga Guangzhou in mayar Faransanci, kayan za su sauka Lome su wuce Maradi. Me zan kiyaye?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka rubuta komai, shimfiɗa takardun biyu gefe da gefe ka gwama lambar kwantena, lambar hatimi, yawan dila da nauyi. Na daɗe ina wannan aiki wa 'yan tireda da ejan-ejan, kuma yawancin rigimar da na gani tun daga can aka yi lodinta. In takardar jirgi ta ce dila 420, jerin kaya ya ce 400, kada ka gyara ko da ka san wadda ta yi daidai. Fassara kowacce yadda take, ka kira ejan nan take. Kamfanin jirgi ne kaɗai ke gyara takardarsa, kuma gyara bayan jirgi ya iso kuɗi ne, ga kuɗin jinkiri yana hawa kullum.

Inda Faransanci ke kayar da mutane shi ne waƙafi. In an rubuta G.W. 18,500 KGS, a Turanci kilo dubu goma sha takwas da ɗari biyar ke nan, nauyin kaya har da buhu da ɗauri. Ka kwafe shi haka cikin takardar Faransanci, jami'in duwan zai karanta kilo goma sha takwas da rabi, domin su waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntu. Rubuta 18 500 kg. N.W. kuwa nauyin atamfar ce zalla, dole ya gaza na farko. In ya fi shi, an juya su.

Sai yadi. Dila 420, kowace turmi 50, turmi yadi 6, ya kama yadi 126,000. Yadi bai kai mita ba, 0.9144 ne, wato kusan mita 115,214. Wanda ya ga YDS ya rubuta mita ya ƙara wa Alhaji mai kayan sama da mita 10,000 da bai saya ba. Ni ina barin yadin yadda yake, in ejan na son mita in sa masa a gefe.

Sunaye, adireshi da lambar kwantena (haruffa huɗu, lambobi bakwai) kwafe su kawai. In gurbin mai karɓar kaya ya ce TO ORDER, kada ka cusa sunan Alhaji don ka gan shi a ƙasa. Wancan gurbin na ƙasa na wanda za a sanar ne in jirgi ya iso, ba shi ke ba da ikon ɗaukar kaya ba. Haka SAID TO CONTAIN, kada ka yar da shi: jirgi na cewa bai buɗe ya ƙirga ba, abin da mai aikowa ya faɗa ne.

Ka nemi hoto mai kyau kuma, don a na waya 8 da B kan rikice.