Kowace takarda a ofishinmu ta gaggawa ce, da wacce zan fara?

Tambaya: Ni manajar ofis ce a Wuse. Na zana jadawalin nan mai gida huɗu na raba ayyuka bisa gaggawa da muhimmanci, amma duk ayyukana a gidan farko suke tarewa, kuma har Magariba ina ofis. Ina matsalar take?

Amsa: Hajiya, jadawalin lafiyarsa ƙalau. Matsalar ita ce kin bar masu hayaniya suna cika miki shi. Gaggawa magana ce ta lokaci: yaushe wa'adin zai cika, wa ya sa shi? Muhimmanci kuwa magana ce ta asara: in ba a yi ba, me za a rasa? Sai aiki ya amsa duka biyun yake shiga gidan farko. Mai muhimmanci marar gaggawa gida na biyu, mai gaggawa marar muhimmanci gida na uku, wanda ba shi da ko ɗaya gida na huɗu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ofisoshinmu suka mayar da hatimin URGENT ado. Takardar neman sayen labule da shi, gayyatar taron da ba a san me za a tattauna ba da shi. Mai ba da kwangila ya kira sau biyar, sai a ce abu ya yi zafi. Gaggawarsa ce, ba taki ba. Masu shirya bita a otal kuma su ce ki riƙa amsa kowane saƙo nan take, wai ƙwazo ke nan. Mai bin wannan shawara yini zai yi yana kashe wutar wasu.

Ɗauki safiyar 8 ga wata. Harajin albashi na PAYE dole ya isa hukumar haraji zuwa 10 ga wata, in ya wuce akwai tara: gida na ɗaya, yau, da hannunki. Sabis ɗin janareta da sabunta hayar ofis da ta rage wata biyu suna gida na biyu. Wannan gidan ba ya kiran waya, shi ya sa ake mantawa da shi, don haka ki ba kowane aiki rana da sa'a a kalanda, misali ƙarfe 8:30 zuwa 10, ƙofa a rufe. Tawadar firinta da tikitin jirgin baƙo gida na uku ne: ki miƙa wa mutum ɗaya da sunansa, ki faɗi lokacin da zai kawo miki rahoto. Labule, ki soke.

Ga yadda za ki gane kina kuskure. Ranar Juma'a ki duba gidan farko, ki ƙirga waɗanda tun mako biyu baya kin san da zuwansu. Duk waɗannan 'yan gida na biyu ne da aka bari suka ruɓe. In ayyukan gidan farko sun wuce uku a rana, sake tacewa.

Oga fa? Shi ba a soke nasa. Ki nuna masa jadawalin ki ce, "Ranka ya daɗe, in na kama wannan yanzu, harajin zai kai gobe. Wanne zan fara?" In kuma ba ki da wanda za ki miƙa wa na gida na uku, ki tara su ki yi su a zama ɗaya bayan Azahar.