Gwaggo za ta sauka a Victoria, ni kuma ina wurin aiki

"Gwaggona ta gama zaman jego wurin 'yarta a Manchester, za ta biyo doguwar bas zuwa wurina a Peckham, cikin Landan. Ranar ina aiki har shida. Tana karanta Hausar boko, Turancin ne sai a hankali. Me zan rubuta mata don kada ta ɓata?"

'Yar'uwa, ki rubuta kamar kin san wayarta za ta mutu a hanya. Tafiyar wajen awa biyar ce, kuma layin da ta zo da shi daga gida ba lallai ya yi aiki a nan ba. Saƙon murya mai minti bakwai ba zai fisshe ta ba tana tsaye da akwati a bakin titi. Ki tura wa 'yarta rubutun, ta kwafe shi a takarda da manyan baƙaƙe, a sa a jakar hannu tare da fasfo, ba cikin akwatin da za a zuba a gindin mota ba.

Inda mutanenmu suka fi ruɗewa shi ne sunan Victoria. Wuri uku ke amsa shi: tashar dogayen bas, tashar jirgin ƙasa, da ta bas ɗin cikin gari da ke gaban ta jirgin. Ita kanta ta dogayen bas ɗin gini biyu ce, inda ake sauka daban, inda ake hawa daban, titin Elizabeth Street ya raba su. Na taɓa shafe minti arba'in ina jiran ƙanena a ɓangaren masu tafiya, shi kuwa yana tsallaken titi zaune kan jakarsa, kowa na jin haushin ɗan'uwansa.

Bayanin ki yi shi da Hausa, amma sunan wuri ki bar shi yadda yake a jikin allo. In kin rubuta "Fekam", ba abin da za ta gani ta haɗa da shi, wanda za ta nuna wa takardar ma ba zai gane ba. Ga yadda zan tsara:

"Gwaggo, barka da hanya. Motar na iya tsayawa a wasu wurare, har a cikin Landan, kada ki sauka sai tasha ta ƙarshe, Victoria Coach Station, inda kowa zai fita. Ki karɓi akwatinki, ki fito Elizabeth Street, ki nufi babban titi, Buckingham Palace Road, ki yi hagu. Ki miƙe kamar minti goma har tashar jirgin ƙasa. Bas ɗinki ja ce, lamba 36, wadda aka rubuta New Cross Gate a goshinta. In kin ga Queen's Park, ki bar ta ta wuce, baya za ta kai ki. Ki ɗora katin biyan kuɗin bas kan zagayen nan mai ruwan ɗorawa kusa da direba, sau ɗaya. Za ku haye gadar kogi, ku wuce Camberwell Green. Da kin ga Peckham Library a allon cikin motar, ki danna jan maɓalli ki sauka."

Katin nan ki kula da shi. Tun 2014 bas ɗin Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi, ko fam ashirin ta miƙa direba ba zai amsa ba. Ki sa kuɗi a katin Oyster ki aika mata Manchester ta gidan waya tun da saura mako guda.

Akwai abin da ba zan iya rubuta miki daga nan ba, sai kin taka da ƙafarki. Kowace matsayar bas a irin wannan wuri tana da harafinta a saman sanda. Ki je ki dubo harafin wadda 36 mai zuwa Peckham ke tsayawa, ki ƙirga titi nawa za ta tsallaka, ki ƙara a takardar. Haka ma daga inda za ta sauka zuwa ƙofarki: launin ƙofa, lambar da za ta danna a buɗe mata, da wanda zai buɗe tunda ba kya nan.

A ƙasan takardar ki sa cikakken adireshi da Turanci, har lambar unguwa mai haruffa, sai lambar wayarki mai farawa da 07 da ta wata maƙwabciya.

Ni dai in akwatin ya wuce ɗaya, ko watan Disamba ne da duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu, ba zan sa dattijuwa neman 36 ba. Sai a sayi tikitin motar da za ta iso bayan shida, takardar ta koma layi biyu: "Gwaggo, in kin sauka ki zauna cikin ɗakin da aka rubuta Arrivals. Ko na makara kada ki fita, nan zan same ki."