Bauca 4 cikin 100 sun fito da kuskure: me zan rubuta a rahoto?

Tambaya: Ni sabon odita ne na cikin gida a wata ƙungiya. Baucocin biyan kuɗi na bara 6,000 ne. Akawun ofis ya kawo mini 100, na duba, 4 ba su da sa hannun mai amincewa. Oga ya ce in rubuta "kuskure kashi 4 cikin 100" kawai. Sa hannuna ne zai hau rahoton, kuma hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, kana da gaskiya da ka tsaya. Kada ka sa hannu tukuna.

Bari mu fara da lissafi, mu ɗauka cewa ɗarin nan an zaɓe su yadda ya dace. Da wasu ɗari daban ka ɗebo, da kana iya samun 2, ko 7. Shi ya sa ake ba da tazara. Lissafin tazarar da aka fi koyarwa a makaranta zai ba ka 4 da ƙari ko ragin 3.8, amma ba ya aiki da kyau idan kurakuran 'yan kaɗan ne kamar naka. Buɗe Excel ka sa waɗannan:

```
=BETA.INV(0.025,4,97)
=BETA.INV(0.975,5,96)
```

Na farko zai ba ka wajen kashi 1.1, na biyu wajen 9.9. Ma'ana, da tabbacin kashi 95 cikin 100, baucocin da ba su da sa hannu a cikin 6,000 ɗin suna tsakanin kusan 65 da kusan 600. Idan ƙungiyarku ta ce ba za ta lamunci abin da ya haura kashi 5 ba, to wannan samfur bai wanke kowa ba, domin iyakar sama ta kusa kai kashi 10, ninki biyu na biyar ɗin. Kana son tazarar ta tsuke? Duba 400. In ka samu 16, kashi 4 ne dai, amma tazarar za ta koma kusan 2.3 zuwa 6.4. Sai ka ninka aiki sau huɗu kafin faɗinta ya ragu da kamar rabi.

Amma abin da ya fi damuna a tambayarka kalma uku ce: "ya kawo mini". Kullum ina cin karo da wannan, har na gaji da faɗa. Mutane sun ɗauka bauca ɗari bauca ɗari ce, ko wa ya ɗebo. Sam! Duk lissafin da na yi maka a sama ya dogara ne kan sharaɗi ɗaya: kowace bauca tana da damar fitowa daidai da 'yar'uwarta. Wanda ake bincikar aikinsa ba zai zaɓo maka jarrabawarsa ba. Ba ma sai yana da mugun nufi ba. Hannu yakan kai ga fayil ɗin da ke saman kabad, mai tsabta, na watan da aiki ya yi sauƙi. Na taɓa zuwa wani ofis aka jera mini fayiloli tsaf a kan tebur, da na nemi na watan Disamba sai aka nuna mini kwali a bayan ƙofa, an ɗaure shi da igiyar leda, rasidai sun manne da juna saboda danshi. A cikin kwalin nan matsalar take. Kai ma da kanka in ka ce za ka ɗebo "haka kawai", idonka zai guje wa fayil mai kauri.

Ga yadda za ka sake. Karɓi jerin baucocin daga littafin kuɗi ko bayanin banki, ba daga kabad ba, domin wadda ta ɓata ba za ta bayyana a kabad ba. Raba 6,000 da 100, ka samu 60. Sa `=RANDBETWEEN(1,60)` ya ba ka mafari. A ce 23 ta fito: sai ta 23, ta 83, ta 143, har ƙarshen jerin. Rubuta lambobin a takardar aikinka kafin ka miƙa wa kowa.

Za a dawo a ce maka ta 143 ba a gan ta ba, ga ta 144. Kada ka karɓa. Ƙa'idar binciken kuɗi ta duniya kan ɗaukar samfur, ISA 530, ta fayyace: abin da aka zaɓa, aka kasa duba shi, aka kuma rasa wata hanyar tabbatar da shi, kuskure ake ƙirga shi.

Ko sabon samfurin ya fito babu kuskure ko ɗaya, kada ka rubuta sifili. Raba 3 da yawan abin da ka duba: a ɗari, kuskure na iya kai kashi 3, wato bauca 180. Kuma kashin da ka samu na yawan takardu ne, ba na naira ba. Baucocin manyan kuɗi ware su ka duba su duka.

A rahoton ka faɗi jimillar baucoci, yadda aka zaɓa, nawa aka duba, nawa suka faɗi, sannan tazarar. Ɗarin da akawu ya kawo kuwa, kurakurai 4 ɗin nan ka kai rahotonsu ɗaya bayan ɗaya da lambobinsu, ba tare da ka fitar da kaso daga cikinsu ba.