Na sa wa hitar kifina kwantirola, shin hakan ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jos, ina da akwatin kifi na gilashi mai cin lita 120 da hita mai wat 300. Hunturun bara hitar ta maƙale a kunne cikin dare, na wayi gari ruwa kamar na wanka, kifayen duk sun mutu. Bana na sayi sabuwar hita da kwantirola mai sensa, wato na'urar da ke auna zafin ruwa tana kunna hita tana kashe ta. Mai shagon ya ce in murɗa hitar zuwa ƙarshe, in bar kwantirola ta yi aikin. Hankalina bai kwanta ba. Sai na ƙara wani tamostat ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri. Kafin ka gama karanta wannan amsa, tashi ka je ka sauke hitar nan daga ƙarshe. Tamostat na biyun da kake nema, wato makunnin da ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, yana cikin hitar, ka riga ka biya kuɗinsa, mai shagon ne ya sa ka kashe shi da hannunka.

Wannan shawara ta "murɗa ta ƙarshe" ina jin ta kusan kullum, kuma ta ishe ni. Hujjar masu bayar da ita wai kada na'urori biyu su riƙa faɗa da juna. Wane faɗa? Wuta tana bi ta kwantirola, sannan ta bi ta tamostat ɗin hita, sannan ta kai ga wayar da ke ɗumama ruwa. Ƙofofi biyu ne a jere, kowacce aka rufe wuta ta tsaya. Idan ka kai hita ƙarshe, wanda a yawancinsu digiri 32 zuwa 34 ne, ka wangale ƙofa ta biyu ka bar ta ba mai gadi. Ka koma inda kake bara ke nan: abu ɗaya ya lalace, kifi ya dahu.

Kuma kwantirola tana lalacewa, kada wani ya ruɗe ka da allonta mai haske. A cikinta akwai rile, wato makunnin nan da kake jin yana ƙas idan ta kunna ko ta kashe. Duk sanda ya buɗe ko ya rufe, ɗan tartsatsi yana tashi tsakanin bakunansa, a kwana a tashi sai su manne, irin abin da ya sami tsohuwar hitarka. Amma abin da na fi gani ma ba rile ba ne, sensa ce, wato ɗan kan wayar da ake tsomawa a ruwa yana gaya wa kwantirola zafinsa. Robar da ke manna ta a gilashi ta tsufa ta saki, ko an canja ruwa an manta da ita rataye a waje. To a Jos cikin Disamba, sensar da ke lilo a iskar ɗaki za ta riƙa gaya wa kwantirola ana sanyi. Kwantirola lafiyarta ƙalau, ba ta yi laifin komai ba, za ta ci gaba da ba da wuta har asuba.

Mu yi lissafi da akwatinka. Ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin kimanin kilojul 4.2, lita 120 ke nan kusan kilojul 500. Hita mai wat 300 tana zuba kilojul 1,080 a awa ɗaya. Wato digiri biyu da ɗan wani abu kowace awa. Gilashi da saman ruwa suna zubar da wani sashe, shi ya sa hawan yake raguwa a hankali, amma daga ƙarfe goma na dare zuwa sallar asuba akwai isasshen lokaci a wuce 33. Ruwa kuwa yana ɗumi yana sakin iska: a digiri 25 lita ɗaya tana riƙe oksijin kusan miligiram 8.3, a 35 kusan 7, alhali jikin kifi ya ƙara buƙatarta. Shi ya sa za ka gan su a sama suna haki tun kafin zafin ya gama da su. Hitarka ma ta yi wa akwatin girma. Abin da aka saba shi ne wat ɗaya ga lita ɗaya, a ɗan ƙara idan ɗakin yana da sanyi sosai. Mai wat 150 ta ishe ka, kuma ko ta maƙale za ta ba ka ninkin lokacin da za ka farga.

Ga yadda za ka saita. Cire kwantirola tukuna, ka sa hitar kai tsaye a soket, ranar da kake gida. Kada ka yarda da lambobin da ke jikin murɗinta, sukan yi kuskuren digiri ɗaya ko biyu. Sa ma'aunin zafi na daban a ruwa, ka riƙa gyara murɗin kaɗan-kaɗan har fitilar hitar ta riƙa mutuwa a 27. Wannan kan ci yini guda. Sannan ka mayar da kwantirola ka saita ta a 25, da tazarar rabin digiri. Idan irin STC-1000 ce, F1 shi ne zafin da kake so, F2 kuma tazarar. Daga nan kwantirola ce ke kunnawa da kashewa kullum, tamostat ɗin hita yana zaune yana jira. Ranar da ta gaza, ruwa zai tsaya a 27, kifin da ya saba da 25 ba abin da zai same shi. Kada ka matso da saitin hita da na kwantirola kusa da juna fiye da digiri ɗaya da rabi, in ba haka ba hita za ta riƙa yanke wuta kafin kwantirola ta kai inda take so.

Sensar kuma ka ɗaure ta a ƙasa da inda ruwa ke sauka idan kana canji, nesa da hita, inda ruwan filta ke gudana. Ƙara mata maƙale na biyu a waya, kada ka dogara da roba ɗaya.

Saura gwaji, kuma nan ne mutane ke kasala. Tamostat ɗin da ke zaman jira zai iya lalacewa ba ka sani ba, tunda ba ya motsi. Sau ɗaya a wata, tsoma sensar a kofin ruwan sanyi ka zauna kusa. Hita za ta kama, kuma idan mai wat 300 ce, cikin awa ɗaya ko biyu dole fitilarta ta mutu da kanta a 27. Idan ma'auninka ya kai 28 tana ci, hitar ta tashi aiki, canja ta. Sai ka juya gwajin: lokacin da hita ke ci, damƙe sensar a tafin hannunka. Ɗumin hannu zai ɗaga lambar allo, ka ji ƙas, fitilar hita ta mutu. Idan allo ya nuna ya kashe amma hita tana ci, rile ya manne. Kada ka tafi ka bar sensar a kofi, ka sa ƙararrawa a wayarka.

Wanda zai sayi tamostat na biyu da gaske shi ne mai hitar ƙarfen titaniyom, domin yawancinsu sanda ce kawai, babu tamostat a ciki. Shi sai ya jera kwantirola biyu: ta farko a bango a saita ta 27, filogin ta biyu ya shiga cikinta a saita ta 25, hita ta shiga ta biyun, kowacce da sensarta. Kwantirola mai ramin soket biyu da rile ɗaya ba kariya biyu ba ce, ko me aka rubuta a kwalinta.

Idan ka taɓa tarar da ruwan ya haura 31, zare filogin hita, buɗe murfin akwati, ƙara iska da famfo, ka sa kwalbar ruwan sanyi a rufe ta yi yawo a sama. Ka sauke shi kamar digiri ɗaya a awa, kada ka juye ƙanƙara a ciki.