Ruwan sama da amfanin gona a zane ɗaya: me ya sa aka ƙi karɓa?

Tambaya: Ni malamin gona ne. Na haɗa ruwan sama da masarar da muka samu cikin shekara goma a zane ɗaya, ruwa a ma'aunin hagu, buhuna a na dama. Layukan biyu sun bi juna sak, amma shugabana ya ce in sake. Ina laifin zanen?

Amsa: Malam, shugabanka yana da gaskiya. Haɗuwar layukan nan ba daga gona ta fito ba, daga inda kowane ma'auni ya fara da inda ya tsaya ta fito. Milimita da buhu ba awo ɗaya ba ne, babu wata ƙa'ida da ta ce milimita kaza ne daidai da buhu kaza. Idan ka danna Secondary Axis a manhajar Excel, wato ma'auni na biyu da ke dama, Excel ne yake zaɓa maka iyakokin da kansa.

Ga misali da alƙaluman gwaji. A ce ruwa ya tashi daga milimita 800 zuwa 1,000, wato ƙarin kashi 25 cikin ɗari. Masara kuma ta tashi daga buhu 20 zuwa 21 a hekta, ƙarin kashi 5 kacal. Sa ma'aunin hagu daga 800 zuwa 1,000, na dama daga 20 zuwa 21, sai layukan su hau kan juna, mai kallo ya rantse ruwa ne ya kawo albarkar. Yanzu mayar da na dama daga 0 zuwa 40. Layin masara zai kwanta, kamar ruwan bai taɓa ta ba. Alƙaluman ba su canza ba ko ɗaya. Yi wa naka zanen wannan gwajin ka gani.

Ni dai shawarata, ka yi zanen ɗigo-ɗigo, wanda Excel ke kira Scatter. Ruwa a layin kwance, buhuna a na tsaye, kowace shekara ɗigo ɗaya, ka rubuta shekarar a gefensa. Idan ɗigogin sun jeru suna hawa, akwai alaƙa. Idan sun watse, babu ita ko ba ta da ƙarfi. Nan ne kuma za ka ga shekarar da ruwa ya yi yawa ya kwanta a gona, amfani ya ragu, abin da layuka biyu kan ɓoye.

In kuwa tafiyar shekaru ake son gani, yi zane biyu, ɗaya bisa ɗaya, shekarun suna daidai da juna.

Sai ka kula da jimillar ruwan damina, domin ba ta nuna yadda ya rarrabu. Ruwa na iya ɗaukewa mako biyu daidai lokacin da masara ke goyo, ta lalace, alhali jimillar ta fi ta bara. Saboda haka ka sake zana ɗigogin da ruwan watan da take goyo kaɗai, sannan ka bambanta launin shekarun da aka sauya iri ko aka ƙara taki, don kada a ɗora wa ruwa abin da taki ya yi.