Na kashe sabar, amma kuɗin AWS bai tsaya ba

"Na kashe sabar tawa tun watan jiya, amma AWS sun sake cajina. Me ke cin kuɗin?"

Kashewa daban, gogewa daban. In ka danna Stop a EC2, sashen hayar sabar na AWS ɗin Amazon, kuɗin awoyin aiki ne kawai ke tsayawa. Ma'ajiyar EBS da ke manne da sabar tana nan, ana cajin kowane GB nata ko babu mai taɓa ta. Elastic IP, adireshin intanet da ka keɓe wa sabar, shi ma haka.

Shiga Billing, ka buɗe Bills, za ka ga kowane caji da yankinsa, wato ɓangaren duniyar da sabar take. Ka lura da yankin sosai, don shafin EC2 yanki ɗaya yake nunawa. Sabar da aka manta a wani yankin ba za ta bayyana ba sai ka koma can. Kwafe bayananka, sannan ka danna Terminate don goge sabar, ka duba ko ma'ajiyar ta tafi.

Sai ka saita gargaɗi a AWS Budgets. Amma fa saƙo kawai yake turowa, ba ya kashe komai, kuma yakan makara da awoyi.