Ki bar wa mai kallo aiki ɗaya

Tambaya: "Ina sayar da turaren wuta a Maradi, ina ɗora bidiyo a TikTok. Ana kallo, amma ba mai tuntuɓata. Me zan ce a ƙarshe?"

Hajiya, duba ƙarshen bidiyonki. Yawancin 'yan kasuwarmu suna rufewa da "ku biyo ni, ku danna so, ku yi sharhi, ku tura wa 'yan uwa". Mai kallo yatsansa na kan allo, in kika ɗora masa ayyuka huɗu sai ya wuce bai yi ko ɗaya ba.

Ke ciniki kike nema, to saƙo za ki roƙa. Bayan kin zuba turaren a kan garwashi hayaƙi ya tashi, ɗaga kwalbar kusa da kyamara ki ce: "Mai so ta turo mini kalmar SANDAL a WhatsApp, lambar tana kan allo." Ki faɗa da baki, ki kuma rubuta a kan bidiyon, saboda wasu a kasuwa suke kallo ba sa jin sauti. Kada rubutun ya sauka can ƙasa ko gefen dama, maɓallan TikTok za su rufe shi. Lambar kuma ki fara ta da +227, don 'yan Jibiya da Katsina ma suna kallonki.

Kada ki tsaya doguwar sallama, da mutum ya ji "to jama'a" ya san an gama. Faɗi roƙon tun hayaƙin bai lafa ba.

Kalmar kuwa tana da wani amfani: kowane bidiyo ki ba shi tasa. In saƙonnin SANDAL sun fi na HAWI, kin gane wanne ya kawo ciniki.